Me ya sa ɗigogina suke cunkushewa a tsakiyar da'ira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta wani ɗan wasan kwamfuta da Python, ina so in warwatsa bishiyoyi 1,000 a wani fili mai siffar da'ira, mita 100 daga tsakiya zuwa baki. Na rubuta `r = 100 * random()` da `t = 2 * pi * random()`, na mayar da su x da y. Da na zana, sai na ga bishiyoyin sun taru a tsakiya kamar kurmi, gefe kuma fayau. Shin `random()` ɗin ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. `random()` lafiyarta ƙalau, abin da ka umarce ta shi ta yi. Ka ce ta raba maka nisa daga tsakiya daidai wa daida, ta kuma raba. Sai dai raba nisa daidai daban, raba fili daidai daban, kuma kai fili kake so a raba.

Ka ɗauki faifai ka dube shi da kyau. Mai saƙa tana farawa ne daga cibiya, tana zagayawa tana fita. Zagayen farko ɗan guntu ne, kafin ka ce kwabo ta gama shi. Zagayen ƙarshe na baki kuwa shi ne mai cin kaba da lokaci, alhali kaurinsa ɗaya da na farkon. Filinka ma haka yake. Mu yanka shi zobe goma, kowane zobe kaurin mita 10. Zobe na farko, daga tsakiya zuwa mita 10, girman filinsa `pi * 10**2` ne, wato kusan murabba'in mita 314. Zobe na goma, daga mita 90 zuwa 100, girmansa `pi * (100**2 - 90**2)`, kusan murabba'in mita 5,969. Na bakin ya ninka na tsakiyar sau 19.

To ga abin da layinka na farko ya yi. Tunda `r` tana iya faɗawa ko'ina tsakanin 0 da 100 ba tare da fifiko ba, kowane zobe yana samun kashi ɗaya cikin goma, wato bishiyoyi kimanin 100. Ka cusa 100 a ɗan filin tsakiya, ka kuma ba zoben baki 100 ɗin dai, shi da ya fi shi girma sau 19. Kurmin da ka gani ke nan. Da rabon ya bi girman fili, zoben farko bishiya 10 kacal zai samu, na biyu 30, na uku 50, a yi ta haurawa da ashirin-ashirin har na ƙarshe ya samu 190. In ka tara su za ka ga 1,000 cif.

Wata hanyar ganin ɓarnar ita ce ka tsaya a mita 50. Rabin bishiyoyinka suna cikin mita 50 daga tsakiya, amma wannan ƙaramar da'irar rubu'in filin ce kawai, don girman da'ira yana tafiya ne da nisa sau nisa. Rabin nisa, rubu'in fili. Layinka na biyu, na kusurwa, ba shi da laifi ko kaɗan, shi ya sa ba ka ga bishiyoyin sun karkata gabas ko yamma ba.

Yanzu gyara. Hanyar da nake fara ba kowa ita ce wadda ba ta buƙatar ka tuna wani lissafi na da'ira. Ka shimfiɗa zani mai kusurwa huɗu daidai, ka ɗora faifai a kai yadda bakinsa zai taɓa gefe huɗun. Ka watsa gero a kan zanin ko'ina daidai. Ƙwayar da ta faɗa kan faifai ka riƙe ta, wadda ta faɗa a kusurwoyin zani ka share ta ka sake watsa wata. Tunda geron bai fifita wani wuri a kan zanin ba, wanda ya rage a faifan ma bai fifita wani wuri ba. Share na waje bai taɓa na ciki ba. Hujjar ke nan gaba ɗayanta. John von Neumann ya bayyana wannan dabara ta zaɓa a yar a wata takarda da aka buga a 1951, kuma in za ka bincika ta a intanet, `rejection sampling` za ka rubuta.

```python
from random import uniform

def digo(R):
    while True:
        x = uniform(-R, R)
        y = uniform(-R, R)
        if x*x + y*y <= R*R:
            return x, y
```

Mu bi shi da hannu da R = 100, inda ma'aunin shi ne kada `x*x + y*y` ya wuce 10,000. A ce jifan farko ya ba da x = -88, y = 71. Lissafi: 7,744 da 5,041, jimla 12,785. Ya wuce, ɗigon yana can kusurwa, a yar da shi. Jifa na biyu ya ba da x = 62, y = -35, wato 3,844 da 1,225, jimla 5,069. Yana ciki, an shuka bishiya. Na gaba x = 12, y = 97, jimla 9,553, ya shiga da ƙyar, dab da baki, kuma halattacce ne. Ka lura babu `sin`, babu `cos`, babu `sqrt`. Ba mu nemi ainihin nisan ba, mun gwada nisa sau nisa da R sau R, ya wadatar.

Masu koyo sukan tsorata da `while True`, suna ganin ko shirin zai maƙale yana ta jifa yana yarwa. Girman murabba'in 200 sau 200 ne, wato 40,000. Girman da'irar kusan 31,416. Ke nan kowane jifa yana da damar shiga ta `pi / 4`, kusan kashi 78.5 cikin ɗari, a yar da kashi 21.5. A matsakaici kowace bishiya za ta ci jifa 1.27, bishiyoyinka 1,000 su ci kimanin jifa 1,273. Yiwuwar a yi rashin sa'a sau goma a jere kuwa kusan ɗaya ce cikin miliyan biyar. Wannan asarar ba ta kai a damu da ita ba.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen tausayin jifan da aka yar. Na sha ganin kuskure iri biyu a aikin ɗalibai, kuma duka biyun daga son tattali suke fitowa.

Na farko: ɗigo ya faɗa waje, sai mutum ya ce maimakon a yar bari in jawo shi zuwa bakin da'ira. Sakamakon shi ne kashi 21.5 na bishiyoyin su jeru a kan layin baki kamar shinge, sun fi kauri ta wajen kusurwoyi huɗun. Wannan da ido ma ana kama shi.

Na biyun ya fi wayo, kuma shi ne ya fi ba ni haushi don hotonsa yakan yi kama da daidai. Mutum ya zaɓi x sau ɗaya a wajen `while`, sannan ya yi ta sake y kaɗai har ta shiga. Yana ganin ya rage aiki. Amma yanzu an tilasta wa kowane x samun rabo daidai, alhali a gefen dama da hagu da'irar ta tsuke, tsayinta ɗan kaɗan ne. 'Yan yankunan nan biyu da x ta wuce 90 ko ta gaza -90 kashi 3.7 ne kawai na filin, amma za su kwashe kashi 10 na bishiyoyin. Ka kori cunkoso daga tsakiya ya koma gefe. Ƙa'idar ita ce in jifa ya faɗi, x da y duka ake yarwa, a ɗauko sabbi biyu.

Akwai kuma ɗan ƙaramin tuntuɓe: `random()` tana ba da lamba ne daga 0 zuwa ƙasa da 1, babu ta ƙasa da sifili. Wanda ya rubuta `x = R * random()` da `y = R * random()` a wannan hanya zai cika rubu'in da'ira ɗaya tak, sauran uku wayam. Shi ya sa na sa `uniform(-R, R)`.

In kuma kana son riƙe tsarinka na nisa da kusurwa, kalma ɗaya za ka ƙara:

```python
from math import sqrt, pi, cos, sin
from random import random

r = R * sqrt(random())
t = 2 * pi * random()
x, y = r * cos(t), r * sin(t)
```

Dalilin `sqrt` yana cikin lissafin da muka yi a sama. Muna so rubu'in ɗigogi su faɗa cikin mita 50. Rubu'in lambobin da `random()` ke bayarwa suna ƙasa da 0.25, kuma `sqrt(0.25)` shi ne 0.5, wanda ya ba da mita 50. Muna so kashi ɗaya cikin ɗari su faɗa cikin mita 10: `sqrt(0.01)` shi ne 0.1, mita 10 ke nan. Lambobin da suka wuce 0.81, kashi 19 cikin ɗari, su ne suke tafiya zoben ƙarshe, bishiyoyi 190 ɗin nan. Wato a nan lambar da ka jefa kason fili take zaɓa, `sqrt` kuma ta mayar da shi nisa.

Wacce za ka ɗauka? A bishiya 1,000 ba za ka ji bambancin gudu ba. Ta `sqrt` tana cin lamba biyu cif a kowane ɗigo, abin da ke da amfani in kana so kowane ɗigo ya ɗauki aiki iri ɗaya. Ta zaɓa a yar kuma ita ce mai jure sauyi: gobe in ka ce kada a shuka bishiya a cikin tafkin da ke filin, ko filin ya koma siffar ƙwai, sharaɗin `if` kaɗai za ka taɓa. Ni a wasa irin naka ita zan ɗauka saboda wannan. Iyakarta tana bayyana ne in siffar da kake nema ƙarama ce a cikin akwatin da ya kewaye ta. Ƙwallo a cikin akwati mai gefe daidai yana karɓar kusan kashi 52 ne na jifa, kuma in lambobin da ake zaɓa lokaci guda suka kai goma maimakon biyu, sai an yi jifa kusan 400 kafin ɗaya ya shiga.

Kowacce ka zaɓa, kada ka dogara da ido kaɗai. Ka fitar da ɗigo 10,000 ka ƙirga waɗanda `x*x + y*y` ɗinsu bai kai 2,500 ba, wato na cikin mita 50. Daidai shi ne kusan 2,500, kuma yawanci za ka samu tsakanin 2,400 da 2,600. Tsohon shirinka zai ba ka kusan 5,000. Matsakaicin nisa daga tsakiya ya kamata ya fito kusan mita 66.7, kashi biyu cikin uku na R, naka na da kuwa 50 zai nuna. Sannan ka ƙirga waɗanda `abs(x) > 90` da waɗanda `abs(y) > 90`. Kowanne ya zo kusan 370. In na x ya kai 1,000, ka koma ka duba ko x ɗinka tana wajen `while`.