Ka auna da lita, kada ka auna da naira

"Assalamu alaikum. Na gama haɗa wa wani mai shagon ƙanƙara da ruwan sanyi sola, kuma ya ji daɗin aikin. Ina so in rubuta bayanin aikin don in riƙa nuna wa masu neman irinsa, amma ban san yadda zan tsara shi ba. A taimaka."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na daɗe ina rubuta irin wannan takarda, kuma abin da na lura shi ne mai karanta ta ba ya bin ta daga farko. Kai tsaye yake tsallakawa wurin sakamako, in lambar ta gamsar da shi sai ya koma sama. Saboda haka kafin ka rubuta ko layi ɗaya, koma wurin mai shagon ka nemo yadda abin yake kafin ka taɓa komai. Lita nawa janareta ke sha a rana, awa nawa take aiki, sau nawa ƙanƙara ta narke a wata. Ba lallai ya riƙe a kai ba, amma akwai littafin da yaron shago ke rubuta kuɗin mai, akwai kuma alat na banki a wayarsa. In ƙiyasi kawai ka samu, rubuta cewa ƙiyasin mai shago ne.

Matsalar ka rubuta ta da bakin mai shagon. Shi ba rashin sola ne ya dame shi ba, kuɗin mai ne ke cinye ribarsa, kuma ranar da janareta ta lalace kayan firiza su zama ruwa. Layi uku sun isa.

Wurin abin da aka yi, yawancinmu jerin kaya muke zubawa: fanel kaza, inbata kaza, batir kaza. Wannan rasit ne. Abin da ke nuna ka san aikinka shi ne shawarar da ka yanke da dalilinta. Misali, ka auna wutar da kowace firiza ke ja, ka zaɓi inbata mai ɗan girma saboda kwampireso yana jan wuta ninki da yawa lokacin tashi, sannan ka tsara firizoji su yi aikin daskarewa da rana lokacin da fanel ke bayarwa sosai, don a rage yawan batir da za a saya. Wanda ya karanta haka ya san ba ɗora ƙarfe a kan rufi kawai ka yi ba.

Sai sakamako, inda ake yawan zamewa. Mu ɗauka janareta tana shan lita 10 a rana kafin aikin, bayansa ta koma lita 3. An rage kashi 70 cikin 100. To a ce ka ɗauki lissafin "kafin" a farkon 2023, lokacin da litar fetur take wajen naira 195, na "bayan" kuma ka ɗauka a watan Yuli na shekarar, bayan cire tallafin mai, da lita ta kai 617 a Abuja. Kafin aiki yana kashe naira 1,950 a rana, bayan aiki 1,851. In da naira ka rubuta, sai a ga kamar ka karɓi kuɗin bawan Allah ba ka tsinana komai ba. Alhali lita 7 ya daina saya kullum, wadda a sabon farashi ta kai naira 4,319. Don haka ka fara kawo lita, in za ka juya ta kuɗi ka yi amfani da farashi ɗaya a ɓangarorin biyu, ka kuma faɗi na wane wata ne.

Lokaci ma haka yake. Kada ka kwatanta watan Afrilu da ake zafi kamar a fasa da Disamba na hunturu, lokacin da firiza ke hutawa kuma ba mai neman ƙanƙara. Azumi kuwa kasuwarsa daban ce. In ba ka da lissafin wata iri ɗaya na bara da na bana, ka faɗi makonnin da ka auna a fili. Ka kuma tambayi kanka me ya canja ban da aikinka. In wutar NEPA ta gyaru a unguwar, ko ya sayar da firiza ɗaya, to wani ɓangare na ragin ba naka ba ne, kuma mai saye mai wayo zai tambaya. Gara ka riga shi faɗa.

Shafi ɗaya ya wadatar, da hoton allon inbata yana nuna wutar da aka samar. Kafin ka sa sunan shago ko kuɗinsa, nemi izininsa ko da ta saƙon waya ne, domin 'yan kasuwa da yawa ba sa son maƙwabta su san cinikinsu. In ya ƙi, rubuta "wani shagon ƙanƙara mai firiza huɗu", ka bar lissafin lita yadda yake.