Kafin Ka Bar Wayarin Ka Koma Sola

"Maigida, abokaina duk sun koma haɗa sola, wai can kuɗin suke. In bar wayarin in bi su? Ta yaya ake gane sana'ar da kasuwarta za ta ɗore?"

Zauna tukuna, ɗana. Yawan masu shiga sana'a bai nuna yawan aikin da ke cikinta ba. Abin da za ka bincika shi ne wa ke jiran wa. Je wajen masu haɗa sola uku, ka ce kana da aiki, yaushe za su zo? Idan kowanne ya duba littafinsa ya ce sai bayan mako biyu, aiki ya fi hannu yawa. Idan kuwa kafin ka rufe baki ya ɗauko jakar kayan aiki yana rage maka kuɗi, to hannu ya fi aikin yawa.

Buƙatar dai akwai ta, ba ƙarya suka yi ba. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, shi ya sa wanda da ko mafarkinsa bai yi ba yanzu yake ɗorawa a rufinsa. Amma cinikin kaya daban, ladan mai haɗawa daban. Tambayi tsohon hannu nawa yake karɓa kan gida ɗaya shekara uku da suka wuce, nawa yake karɓa yau. A ce da 100 ne, yanzu 120, zai ce maka an samu ci gaba. To idan cefanen da yake yi da 100 ya koma 150 fa? Raba 120 da 150, za ka ga kashi 80 cikin ɗari na abin da yake saye a da kaɗai yake iya saye. Ladansa ya ragu, aljihunsa ne bai faɗa masa ba.

Me ya sa ladan ke zaizayewa alhali aiki na ƙaruwa? Ƙofar ce a buɗe. Ɗora faifai da ɗaure waya, yaro mai kai zai iya cikin 'yan makonni, kuma yadda ka shiga da sauƙi haka goma za su biyo ka. Inda kuɗin ke zama shi ne lissafin lodi, da zaɓen batir da kaurin waya daidai da shi, da gano abin da ya sa inbata ke kashe kanta da tsakar dare. Wannan sai wanda ya san wuta, ya ɗauki shekaru, wani wurin ma sai da lasisi. Na sha zuwa gyaran aikin masu makonnin nan: waya siririya a ɓangaren batir, ta yi zafi har robarta ta narke. Mai gidan da aka yi wa aikin ya biya sau biyu, kuma na biyun ne mai tsoka.

Saboda haka kada ka ajiye wayarin, shi ne katangarka. Ƙarasa shekarar da ta rage maka, ranar da ba mu da aiki ka bi abokan naka ka ga yadda ake haɗa solar. Gobe ka zo da biro da takarda, mu lissafa lodin gida mai firji ɗaya da fanka uku.