Idan gini ya fara magana

Maigida, jiya na ga bidiyon girgizar ƙasa a waya, sai na kwana ina kallon bangon ɗakin Inna da ya tsage tun daminar bara. In ƙasa ta motsa ko gini ya taho, gudu ake yi ko tsayawa? Kuma me zan faɗa wa mutanen gida?

Ajiye cebur ɗin ka zauna, ɗana, don tambaya biyu ka haɗa wuri guda, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ginin da zai rushe da kansa yakan yi gargaɗi tukuna, maganinsa kuwa a fita tun da wuri. Girgizar ƙasa ba ta sallama, kuma a mafi yawan gine-gine gudu a lokacinta shi ke jawo rauni.

Mu fara da girgizar, tunda ita ta hana ka barci. Ƙasarmu ba ta kan inda manyan girgizar ƙasa ke aukuwa, irin wadda ta auka wa Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023. Amma ƙasa takan motsa kaɗan: an ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, an ji a Mpape ta Abuja a 2018, kuma nan kusa da mu a Toro ta Jihar Bauchi akwai cibiyar gwamnati da ke auna motsin ƙasa. In ta same ka cikin ginin bulo ko bene, ka durƙusa nan take kafin ta kayar da kai, ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ka kare kai da wuya da hannu ɗaya, ɗayan ka riƙe ƙafar teburin don kada ya zame ya bar ka a fili. In babu tebur, ka raɓe jikin bangon ciki, nesa da taga da wadrob da duk abin da ke rataye. In kana kan gado, ka zauna a kai ka rufe kanka da filo. Dalilin hana gudu shi ne, ƙasa na rawa ƙafa ba ta tsayuwa, kuma abin da ke fara zubowa yana bakin ƙofa da matakala da jikin gini ta waje: gilashi, bulon saman katanga, indararo. Sai ta lafa ka fita, ka tsaya fili, ka kuma sa rai za ta iya sake motsawa.

Wuri ɗaya ne wannan ƙa'idar ke juyawa, kuma irin ɗakin Inna ne. Soron ƙasa mai rufin azara da laka a kai nauyinsa duk yana sama, tubali kuma ba shi da rodin da zai riƙe shi, don haka in ya taho gaba ɗaya yake zama, tebur ba zai ɗauke shi ba. Irin waɗannan gidajen ƙasa ne suka fi cin mutane a ƙauyukan duwatsun Maroko a Satumbar 2023. Wanda ke ciki, in ƙofa na kusa kuma tsakar gida fili ce, ya fita da hannunsa a ka.

To amma ni abin da nake tsoro a Gombe ba girgiza ba ce, watan Agusta ne. Ruwan kwana uku a jere, wanda ba ya tsayawa bango ya sha iska. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa: ruwa ya kwanta a jikinsa, ko indararo ya karye yana zuba a kai, gindin ya jiƙe ya yi taushi alhali saman yana nan da nauyinsa. Wasu unguwannin kuma laka ce a ƙasa, ta kumbura da damina ta tsuke da rani, tana ɗaga harsashi tana saukewa. Ga waɗanda suka yi gini bakin kwari, zaizaya na cin ƙasar daga ƙarƙashinsu kowace shekara.

Gobe da safe ka je ka duba tsagar nan da idon magini. Tsagar filasta siririya kamar gashi, wadda ta barbazu kamar saƙar gizo, ba komai ba ce, fata ce. Wadda za ka tsaya a kanta ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ko wadda ta raba bango biyu a kusurwa, musamman in sama ta fi ƙasa faɗi ko ana ganin haske ta ciki. Ka ja layi da fensir a inda ta ƙare, ka rubuta kwanan wata, ka shafa ɗan siminti siriri a kan tsagar wuri biyu. In bayan sati ɗaya ko biyu simintin ya fashe, ko tsagar ta wuce layinka, bangon yana tafiya. Sannan ka ɗaura dutse a zare ka rataya daga saman bango, ka ga ko ya yi ciki ko ya karkata. Ka tura ƙusa a gindinsa. In ya shige kamar cikin tuwo, kada Inna ta sake kwana a nan. Ka tambaye ta kuma ko ƙofar ta fara cijewa kwanan nan, ko tana jin ƙasa na zubo mata da dare. Tsofaffi sukan ji, sai su ce gara ce ko ɓera.

Akwai shekarar da aka kira ni wani gida in gyara yaɓe. Na ga kusurwa ta buɗe har yatsuna biyu na shiga, na ce wa mai gidan a kwashe yara daga ɗakin a daren. Ya ce sai ƙarshen wata in albashi ya shigo. Ban matsa ba, don ina jin nauyinsa, kuma har yau ina ganin laifina a wannan. Allah Ya taimaka uwargidan ta ji maganar ta bayan labule, ta mai da yaran zaure. Kwana huɗu bangon ya kwanta a kan katifarsu.

A ginin kankare alamun daban ne. Dekin da ya lotsa a tsakiya, kankaren da ke ɓarewa rodi ya fito da tsatsa, fila da ta tsage ko ta kumbura, ƙara kamar ana karya itace. Ka san yadda muke barin tokara ƙarƙashin deki wajen sati uku, don kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Mai gaggawa ya cire a kwana goma, ya jibga bulo a sama, ya ɗora tanki. Tankin lita 1,000 in ya cika tan ɗaya ne cif, a wuri ɗaya. In ka ji wannan ƙarar a wurin aiki, ba ka neman sanin daga ina take, ka yi ihu kowa ya sauka, ka bar kayan aiki. Makarantar bene da ta rufta a Jos a Yulin 2024 yara na ciki suna karatu, babu wata girgiza da ta taɓa ta. Hukuncin irin wannan gini kuma na injiniya ne, ba nawa ba, balle naka.

Yanzu shirin gida. Gidanku na san shi: ɗakin Inna na ƙasa, ɗakuna biyu na bulo, tsakar gida, sai zaure, kuma shi kaɗai ne mafita. Ka tara su bayan sallar isha'i ka fara da wurin haɗuwa. Kada ya zama gindin katanga, don katangar gida ita ce ginin da aka fi yi wa rowar siminti, ga ta doguwa ba abin da ya tokare ta. Ku nisance ta fiye da tsayinta, ku nisanci wayar lantarki. In tsakar gidan ta yi ƙunci, ku zaɓi fili a waje, kamar filin gaban masallaci, kowa ya san sunansa. Amfanin wuri ɗaya shi ne ƙirga kai. Ku nawa ne, tara? To babanka ko kai ku ƙirga da suna. An sha ganin uwa ta koma cikin gini neman yaron da tuni maƙwabci ya ɗauke shi.

Sannan a raba mutane tun yanzu: kai ne mai ɗauko Inna, tunda ba ta sauri, mamanka na da goyo, ƙanwarka babba ta riƙe hannun ƙananan biyu. Ɗaya ya san inda ake kashe wuta, ɗaya ya rufe tukunyar gas in hanya ta ba shi. Makullin zaure ya samu ƙusarsa guda kusa da ƙofa, inda ko a duhu hannu zai kai. Mu maginai mun cika tagogi da ƙarfe saboda ɓarayi, mun mai da ɗakuna keji, don haka ka sa mai walda ya yi wa taga ɗaya ƙarfe mai buɗewa ta ciki. Tocila da takalmi su kwana kusa da shimfiɗa. Takardun gida da katin shaida da maganin Inna a leda ɗaya cikin jaka kusa da zaure. In ba a kan hanya take ba, a bar ta. Lambar gaggawa 112 ce, ka sa ta a wayar kowa tare da lambar wani ɗan'uwa da ke wata unguwa. Ku gwada fitar sau ɗaya da dare ba fitila, kafin damina ta nutsa. Yara za su mai da abin wasa, ba laifi, a nan za ka gano turmi ko babur da ke tare hanya.

Ka koya musu abin da mutum zai yi in gini ya rufe shi. Ya rufe hanci da baki da riga ko mayafi saboda ƙura, kada ya yi ta mutsu-mutsu, kada ya ƙyasta ashana don ƙila gas na yoyo. Ihu ba ƙaƙƙautawa yana cinye ƙarfi yana cika huhu da ƙura; gara ya riƙa buga ƙarfe ko bango da dutse, ya huta, ya sake, ya ajiye murya sai ya ji mutane kusa.

Mu na waje kuma, kuskurenmu shi ne taron jama'a a hau kan ɓaraguzai, nauyin mutum ashirin ya danne ramin da wani ke numfashi a ciki. A kashe wuta, a kira 'yan kwana-kwana, a tambayi masu gida wa ya rage kuma a wane ɗaki yake. Lokaci-lokaci a sa kowa ya yi tsit, a kashe inji da babur, a saurara. Tono daga sama ake farawa, da hannu da kwanon kwaɓa, ana miƙa wa juna, diga da cebur sai nesa da inda ake zaton mutum. Kada a zare katako ko azarar da wani abu ya hau kanta sai an tokare. In an kai ga mutum a fara buɗe masa fuska da ƙirji, kada a ja shi ta hannu ko ƙafa, a ɗauke shi a kan ƙyaure kansa da bayansa a miƙe. Wanda abu mai nauyi ya daɗe a kan cinyarsa, a yi ƙoƙari ma'aikatan lafiya su iso kafin a ɗaga, kuma ko ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti a faɗi awa nawa ya yi a danne, don irin wannan dannewar takan taɓa ƙoda daga baya.

Yau dai Inna ta kwana ɗakin mamanka. Jibi in mun gama zuba lintar nan zan biyo ka da tsani mu hau mu ga azarar.