Fassara ɗaya, bakuna uku: yadda ake haɗa jerin kalmomin aiki

Tambaya: "Mu uku muka raba fassarar littafin horar da ma'aikata kan amfani da kwamfutar ofis, shafi 120. Da muka haɗa sai na ga kowa da irin kalmominsa. Yaya zan daidaita su ba tare da na sake fassarar daga farko ba?"

Amsa: Malama, ba sai kin sake ba. Buɗe Excel ko Google Sheets ki yi tebur, ki riƙe ƙa'ida guda: kowane abu suna ɗaya, kowane suna abu ɗaya. Rabin farko kowa ya san shi. Rabi na biyun ne ake mantawa, kuma a nan ɓarnar take.

Ga misali. A ce allon kwamfutar yana nuna Password a wani wuri, PIN a wani. Mai fassara na farko ya kira Password "kalmar sirri", na biyu ya ce "mabuɗin sirri", na uku ya ce "lambar sirri". Wannan da sauƙi, rashin kyan gani ne kawai. Amma idan na farkon ya riga ya ba PIN sunan "lambar sirri", to suna ɗaya ya hau kan abu biyu. Sabon ma'aikaci zai karanta "shigar da lambar sirri", ya buga lambobi huɗu a inda ake son kalma, ya maimaita har na'urar ta kulle masa asusu. Shi bai yi laifi ba, abin da littafin ya ce ya yi.

Saboda haka teburin yana bukatar gurbi biyar: kalmar asali, fassarar da aka amince da ita, ma'anarta a jimla ɗaya, jam'i da jinsi, sai kuma kalmomin da aka hana. A layin Password za ki rubuta "kalmar sirri", ma'ana: haruffa da lambobi da ake shiga asusu da su; jam'i "kalmomin sirri", mace ce; an hana "mabuɗin sirri" da "lambar sirri". Wannan gurbi na ƙarshe ya fi duk sauran aiki a wurina, domin shi ne jerin abin da za ki je farauta a cikin littafin. Jinsin ma kada ki raina shi. In ba a rubuta ba, wani zai ce "fayil ɗin ya buɗe", wani ya ce "ta buɗe".

Kada ki zuba kowace kalma. Ɗauki wadda ta yawaita, da wadda kuskurenta zai sa mutum ya danna abin da bai dace ba. Kalma 40 zuwa 60 sun isa farawa. Sunayen maɓallai kuwa, irin su Save da Submit, in manhajar da Turanci take, a bar su yadda suke a allo, a yi bayaninsu da Hausa a gefe, tunda da ido ma'aikaci zai neme su.

Sai farautar. A Word danna Ctrl+F ki rubuta "sirri" kawai, ba "kalmar sirri" ba. Dalili shi ne kalmar Hausa tana sauya kama: kalma, kalmar, kalmomin. Gajeren gutsure zai kamo su duka, kuma Word zai nuna miki adadinsu. Yi haka a littafin asali ma: in Password ta fito sau 64 a can, "kalmar sirri" da jam'inta suka fito sau 41 a naki, akwai wajen 23 da suka ɓuya da wani suna ko suka koma wakilin suna "ta". Ki guji Replace All, wato maɓallin da ke musanya kalma a duk inda ta fito a lokaci guda, a kan "lambar sirri", domin wasu daga ciki PIN ɗin gaske ne. Bi su ɗaya bayan ɗaya, littafin asali na buɗe a gefe.

Haruffa masu lanƙwasa ma suna yaudara. Wani ya buga "maɓalli", wani "maballi", wani "mab'alli", kuma kwamfuta kalmomi uku take gani. Nemi kowanne daban. In za ki adana teburin a matsayin CSV daga Excel, wato fayil na rubutu zalla, zaɓi CSV UTF-8. CSV na gama-gari yakan mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya, kuma in an rufe fayil ɗin ba sa dawowa.

Don bugu na gaba, manhajar OmegaT, wadda kyauta ce, tana karanta fayil mai suna glossary.txt, inda kowane layi ke ɗauke da kalmar asali da fassara da bayani, an raba su da Tab. Da zarar kalmar ta fito a jimlar da ake fassarawa, sai ta nuna fassarar da aka amince da ita a gefe. Tunatarwa kawai take yi, ba ta tilasta kowa. Shi ya sa teburin yake bukatar mutum ɗaya mai ikon gyara shi, sauran su aiko da shawara, shi kuma ya rubuta ranar kowane sauyi da dalilinsa a gefen layin.