Tunda Allah ya riga ya raba gado, me wasiyya za ta ƙara?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekarata 46. Ina da mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, mahaifiyata na da rai, kuma ina riƙon marayun ƙanena su biyu. Wani abokina ya dame ni in rubuta wasiyya. To ni a sanina Allah ya riga ya raba gado, me wasiyya za ta ƙara? In ban rubuta ba me zai faru da abin da na bari?

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiyarka, rabon gado ba a hannunka yake ba. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanke wa kowane magaji rabonsa, kuma babu takardar da za ta ƙara wa wani ko ta rage masa. Amma rabon gado yana aiki ne a kan abu biyu da sai an tabbatar da su tukuna: mene ne ainihin dukiyar mamaci, kuma su wa suka cancanci ci. Wasiyya a nan take aiki. Sannan akwai waɗanda gado ba ya kaiwa gare su ko kaɗan, kuma biyu daga cikinsu suna kwana a gidanka.

Wasiyya umarni ne da mutum yake bari, wanda ba ya fara aiki sai bayan rasuwarsa. Muddin yana da rai zai iya sauya ta ko ya soke ta gaba ɗaya, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Iyakokinta biyu ne. Ba ta wuce sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda aka nuna masa cewa sulusin ma da yawa. Kuma ba a yin ta ga wanda zai ci gado. In ka rubuta cewa gidan da kuke ciki na ɗanka ƙarami ne, wannan ba zai zartu ba sai sauran magada sun yarda bayan rasuwarka, kowa ya yarda a kan rabonsa kaɗai, yaron da bai balaga ba kuwa babu mai yafe haƙƙinsa a madadinsa.

Idan mutum ya rasu, ana bin tsari ne. Za a fara cire abin da ba nasa ba ko wanda haƙƙin wani ya rataya a kansa, kamar ajiya da kayan jingina. Sai kuɗin jana'iza daidai misali, likkafani da kabari, ba hidimar zaman makoki ba. Sai bashi, ko da zai cinye dukiyar duka. Sai wasiyya daga sulusin abin da ya saura. Abin da ya rage bayan nan shi ne gado.

Mu ɗauki iyalinka mu yi lissafi da adadi na misali. A ce bayan an biya jana'iza da bashi, gida da shago da kaya da kuɗin banki sun tashi naira miliyan 24. Idan babu wasiyya, matarka tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saboda akwai 'ya'ya, miliyan 3 ke nan. Hajiya mahaifiyarka tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, miliyan 4. Saura miliyan 17, a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Maza biyu da mace ɗaya kaso biyar ke nan, kowane kaso miliyan 3.4. Kowane namiji ya sami miliyan 6.8, mace ta sami miliyan 3.4. Marayun ƙanenka ba su da ko sisi, domin 'ya'yanka maza sun shamakance su. Shekarun da suka yi a hannunka, da kuɗin makarantar da kake biya musu, ba sa sa su zama magada. Daga ranar da ka rasu sai abin da 'ya'yanka suka ga dama, kuma su ma a lokacin kowa ta kansa yake yi.

Yanzu a ce ka yi musu wasiyya da rubu'in dukiyar. Za a cire miliyan 6 a ba su, a raba miliyan 18 da ta rage. Matarka ta sami miliyan 2.25, Hajiya miliyan 3, kowane ɗa namiji miliyan 5.1, 'yarka miliyan 2.55. Kowa ya ɗan ragu, babu wanda aka zalunta, kuma babu magajin da ke da ikon hana ta tunda ba ta kai sulusi ba. Iyakar abin da za ka iya bayarwa a wannan dukiya miliyan 8 ne. In ka rubuta miliyan 10, takwas za ta zartu, biyun ta tsaya a kan yardar magada.

Haka abin yake ga jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa alhali akwai baffanninsa da rai, da agola, da yaron shago da ya yi shekaru yana maka hidima, da ɗan'uwan da ba addininku ɗaya ba. Duk ba sa gado, duk wasiyya tana kaiwa gare su. Maganar jikoki ce ta fi raba zumunci a gidaje, don mutane da yawa suna zaton rabon uban da ya rasu yana gangarowa kan 'ya'yansa. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, ba haka ba ne.

Ni a ganina gara ka rubuta kaso maimakon adadin kuɗi. Miliyan biyar ta yau ba za ta zama miliyan biyar ba nan da shekara goma, amma rubu'i ko sudusi yana tafiya da dukiyar, ta ƙaru ko ta ragu. In kuma wani abu ka ware, kamar fili, ka bayyana shi sosai: unguwa, lamba, maƙwabta ta kowace kusurwa. Ka kuma sani idan ka sayar da filin daga baya, wasiyyar ta tafi da shi.

Ga ɗan kasuwa, sashen da ya fi sulusin ma nauyi shi ne bayanin abin da ke naka da abin da ba naka ba. Kasuwancinmu da baki ake yin yawancinsa. Akwai kayan da ka karɓa bashi daga dila, akwai kuɗin da wani ya zuba a shagonka ana raba riba, akwai adashin da ka ɗauka ba ka gama zubi ba, akwai gwal ɗin uwargida da aka sayar aka ƙara jari da niyyar za a mayar, ko ragowar sadakinta. Mafi hatsari a wajenka shi ne gadon marayun nan daga mahaifinsu, idan ka juya shi a cikin kasuwancinka. In ba a rubuce yake ba, ranar rabo za a lissafa shi cikin dukiyarka, 'ya'yanka su ci haƙƙin marayu ba da saninsu ba. Wannan ba wasiyyar sulusi ba ce, bashi ne, kuma daga uwar dukiya ake fitar da shi kafin komai. Ka rubuta shi tun kana da lafiya, domin iƙirarin bashi da mutum ya yi wa magajinsa yana kan ciwon ajali abin tuhuma ne, alƙali na iya ƙin karɓa. Ka haɗa da waɗanda kake bi bashi, don da yawa ba za su kawo da kansu ba. Zakkar shekarun baya da aka yi sakaci da ita da kaffara ma, in ba ka ambata ba, ba a tilasta wa magada fitar da su.

Sai wasiyyi, wato wanda zai tsaya a kan biyan bashi da zartar da wasiyya da kula da rabon yara ƙanana. A Malikiyya uba ne ke da wannan iko, bayansa wanda ya naɗa, in bai naɗa ba sai alƙali. Baffa ko babban wa ba ya zama mai riƙon dukiyar maraya don kawai shi ne babba a gida, ko da yake a aikace haka ake yi, kuma daga nan ake fara jin an ce kuɗin ya shiga kasuwa ya narke. Ka zaɓi mai amana wanda ya iya lissafi, ka faɗa masa, ya amsa tun kana nan.

Idan babu wasiyya kwata-kwata, ko dai iyali su kira malami ya raba a gida, ko wani magaji ya shigar da ƙara a kotun shari'a. Kotu za ta nemi a lissafo magada da shaidu, a lissafo dukiya, a yi wa gida da fili kuɗi. Gidan da ba zai rabu ba, ko wani magaji ya saye rabon sauran ko a sayar a raba kuɗin. Lissafin kansa ba ya ɗaukar lokaci. Abin da ke jan shari'a shekaru shi ne gardama a kan filin da har yanzu takardarsa ke ɗauke da sunan wanda ya sayar, ko mai cewa marigayi ya ba shi kyauta. Kyauta a Malikiyya ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In ka ce ka ba ɗanka gida amma ka ci gaba da karɓar hayarsa kana ci har ka rasu, akwai yiwuwar gidan ya koma cikin gado. Jinkirin rabo kuma yana ƙara dagula lissafi: idan Hajiya ta rasu kafin a raba, miliyan 4 ɗinta ta koma ga nata magadan, sai a shigo da mutanen da da farko ba sa ciki.

Kuɗin banki da na fansho suna da tasu hanyar. Sunan da ka rubuta a gurbin Next of Kin a fom ba ya mallaka wa mutumin kuɗin, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki zai rufe asusun da zarar ya sami labarin rasuwa, ya nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci. Asusun da iyali ba su san da shi ba kuwa babu mai zuwa nemansa, don haka ka jera sunayen bankunan da lambobin asusu, ban da lambar sirri.

Wajen rubutawa, Hausa ko ajami ko Larabci duk sun wadatar. Ka sa cikakken sunanka da kwanan wata, ka ce kana cikin hankalinka, kuma wannan ta shafe duk wadda ta gabace ta. Abin da ke kashe wasiyya da yawa shi ne rashin shaidu. Malaman Malikiyya sun ce ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai kafa shaida a kai ba kuma bai ce a zartar ba, ba a aiki da ita, don wataƙila tunani yake yi bai yanke ba. Ka samo maza biyu adilai, waɗanda ba su da rabo a ciki, zai fi kyau su kasance ba su kai ka shekaru ba, su sa hannu a gabanka. Ka kai wa malamin da ya san gado ya duba, lauya kuma ya duba ɓangaren takardun fili da banki. Kwafi ɗaya wajen wasiyyi, ɗaya wajen lauya ko wani amintacce, uwargida kuma ta san inda suke. Duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa ko ƙarin aure, ko ka sayi kadara ko ka sayar, ka sake duba ta, domin ranar rasuwa ake duba wane ne magaji, ba ranar da aka yi rubutun ba.