Ajin dare na 'yan kasuwa: ta ina zan fara kada su sake watsewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyar layinmu ta 'yan hatsi ta ɗora min koyar da boko da daddare, mutum wajen ashirin, yawancinsu sun haife ni. Bara wani ya fara, ko wata ba a yi ba suka watse. Ina da takardar koyarwa amma yara na saba da su, wallahi tsoro nake ji kada a sake yin haka a hannuna. Yaya zan tsara darasin daren farko?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Ko ba ka faɗa ba ina iya rantsuwa da A B C D ya fara musu, ya tsaya gaban allo da sanda yana cewa ku maimaita. Wannan ita ce cutar da nake gani kullum a harkar nan, a ɗauka wanda bai iya boko ba ɗan aji ɗaya ne mai gemu. Mutumin da zai lissafa kuɗin buhu goma sha bakwai da ka, ya cire na dako da na mota kafin ka gama lalubo kalkuleta a waya, mai mata biyu da yaran shago, shi za ka sa ya riƙa rera ei bi si di gaban yaronsa? Ba zai yi maka musu ba, zai ce madalla Malam, gobe ya ce baƙi ya yi, jibi ciwon kai, shikenan. Kuma abin da ya fi ci min rai, ba ajin kaɗai ya bari ba, ya tafi da yaƙinin cewa kansa ya riga ya toshe, nan da shekara goma ko da kuɗi ka haɗa shi ba zai sake zama ba. Sannan su masu wannan aika-aikar su koma suna yaɗa wai tsoho ba ya ɗaukar karatu. Ƙarya ce. Tun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, dattawa nawa suka iya karatu a ajujuwan nan?

Kuma ko ka ajiye maganar kunya, sunayen harufan Turanci ba sa karanta Hausa. Ka koya masa wannan "si" ne, gobe ya ga ciniki, me zai ce? Ka ce wannan "ei" ne, ya ga Audu ya tsaya yana kallonka. Sati shida yana haddar harufa 26 bai karanta kalma ɗaya ba, alhali ɓ da ɗ da ƙ ma babu su a ciki. Waɗancan littattafan nazare da ake tallarsu a baro masu hoton tuffa da jirgin ruwa, kada ma su shigo ajin.

To ga yadda zan yi in ni ne. Bayan Isha'i, awa ɗaya da kwata, kada ka wuce, mutanen nan tun safe suke tsaye. Tsakanin Magariba da Isha'i lokacin ba ya isa, kana fara ɗumi za a kira salla. Minti goman farko hira ce kawai, ka tambaye su wa ya taɓa yin asara saboda bashin da ba a rubuta ba, ko wanda yaro ya rubuta masa ba daidai ba. Za ka sha labari har sai ka tsayar da su. Daga nan sai ka rubuta kalma ɗaya tal a allo, babba, da ƙananan baƙaƙe: bashi. Ka karanta, su karanta, ka raba ta biyu, ba da shi. Sai ka fitar da 'yan uwan kowace: ba bi bu, sha shi shu. Wasula uku kawai, e da o su jira wani daren. Dalili shi ne yawancinsu sun yi makarantar allo, sun san wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, kana ce musu wannan ba ɗin ita ce mai wasali bisa, bambancin kawai a boko wasalin gefe yake zama, za ka ga fuska ta saki. Wanda ya iya ajami ka bar shi ya rubuta a ƙarƙashi don tuni, ba laifi ba ne, sai dai ka lura da hannunsa don zai so ya faro daga dama.

Gaɓoɓin nan shida ka rubuta su tun a gida a kan kwali, kwalin taliya ma ya isa, kowace gaɓa ka maimaita ta a kwalaye da yawa don kalma irin Baba ta haɗu, saiti ɗaya ga mutum biyu. Ka ba su minti ashirin su haɗa da kansu. Baba zai fito, babu zai fito, Buba, bi, sha. Kada ka faɗa musu, ka daure ka yi shiru ko da bakinka na ƙaiƙayi. Can wani zai jera babu bashi ya karanta da ƙarfi, ajin ya kwashe da dariya. Sannan ka ba su jimla su gwada: Baba bi Buba bashi. Rubutu minti goma sha biyar, fensir ba biro ba, littafi mai layi, kalma biyu ko uku sun wadatar, hannun da ya saba ɗaga buhu riƙon fensir yana gajiyar da shi da wuri.

Sauran lokacin na lamba ne, kuma a nan ma ba lissafi za ka koyar ba, sun fi ka. Rubutawa ce matsalar. Ka ce a rubuta dubu biyu da ɗari biyar, za ka ga wasu sun rubuta 2000500, yadda baki ya faɗa haka hannu ya bi. Ka ja gida huɗu a allo, na dubu, na ɗari, na goma, na ɗaya, ka ɗora takardun kuɗi na gaske a tebur a jere, dubu biyu nan, ɗari biyar nan, gidan da ba kowa sifili ke gadi, 2,500. Dare na biyu ko na uku ka kawo alat na wayarka, ba na wayarsu ba don ba mai son a ga asusunsa, ka nuna musu 5,000.00 da 50,000.00, da cewa sifili biyun bayan ɗigo kwabo ne, da bambancin CR na kuɗin da ya shigo da DR na wanda ya fita. Wannan kaɗai zai riƙe maka rabin aji.

Abu biyu da ake raina su. Wanda ya haura arba'in yana nisanta takarda da fuskarsa yana ƙanƙance ido, ba daƙiƙi ba ne, tabarau yake buƙata, ka faɗa masa a keɓe, kuma ka nemi fitilar sola mai kyau kada ka dogara da wutar Nepa. Na biyu, kada ka taɓa kiran dattijo shi kaɗai gaban allo, kuma in da hali kada ka zaunar da maigida kusa da yaron shagonsa. Alhaji kaza, Baba kaza, haka za ka kira su, ba "ɗalibai" ba.

In kana son sanin ko karatun ya shiga ko hadda ce, ka juya jerin, ka nuna shu kafin sha, ka tsallaka zuwa bi. In sai sun faro daga farko suna rerawa kafin su kai wadda ka nuna, bai shiga ba, gobe kada ka ƙara sabuwar kalma, ku koma kan kwalayen. In ya shiga sai ka kawo biya, ba su ya yi yu. Masu zuwa da fom suna tambayar rajista da manhaja da ranar jarrabawa kuwa, ka cika musu abinsu bayan an tashi, kada ka yarda a cinye minti ashirin na mutane ana kiran suna.