Amsar Yaya ga Hajiya kan ƙiba da hawan jini

"Yaya, likita ya ce in rage kilo biyar kawai, alhali kilo 90 nake. Me kilo biyar zai yi wa hawan jini, fisabilillahi?"

Salamu alaikum. To Hajiya, na ji saƙonki, kuma na gane inda kika dosa, so kike a ce miki ki ajiye ƙwayar hawan jinin nan. Ba yanzu ba.

Lissafin dai ga shi. Abin da ake so a rage shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi; na kilo 90, kilo huɗu da rabi ne zuwa tara, biyar ɗin likita na ciki. Kuma a yawancin mutane, duk kilo ɗaya da ya tafi, lambar sama ta awon hawan jini tana sauka da kamar ɗaya. Idan 150 kike, kika zubar da kilo tara, sai ki ga kin doshi 141. A'a, kar in ce dole, jiki ya bambanta, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Dalili kuwa, kitsen tumbi shi ne mugun, shi ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya yi yawa a jijiya, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi. Kuma shi yakan fara narkewa, shi ya sa za ki ji zani ya yi miki sako-sako tun kafin kowa a Aboabo ya ce kin rame. Sukarin jini ma yana gyaruwa, har munshari ya ragu.

Ni da kike gani daga 88 na dawo 81, wata biyar na yi. Kokon safe na rage wa sukari, ƙosai shida ya koma uku, waken rana na daina cewa a sa mini taliya da gari a kai. Da asuba ina tafiyar minti 30. Awona ya sauka daga 148 ya zauna wajen 139.

Amma kafin nan wata mata a kasuwar Kejetia ta sayar mini da shayin rage ƙiba. Kwana uku ina zaryar bayan gida! Sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, ashe ruwa ne, sati guda ya dawo. Na koma na yi mata magana, wai ban sha da imani ba. Imani! Har yau in na wuce rumfarta sai... kai, a bar maganar.

Me nake cewa? Yawwa, ƙwaya. In nauyin ya fara sauka kika ji jiri idan kin miƙe daga sallah, wataƙila maganin ya fara yi miki yawa. Ki rubuta awonki safe da yamma na sati ɗaya, ki kai wa likita, shi zai rage, ba ke ba. Rabin kilo a sati ya isa, Hajiya. Kuma ɗunƙulen magi huɗun nan da kike jefawa a miyar tuwo, na gani da idona ranar suna.